Ɗigo Mai Tafiya a Kan Taswira: Yadda Ake Nuna Inda Mutum Yake a Njamena, da Yadda Ake Tsayar da Shi

Duk wanda ya taɓa yi wa baƙo kwatancen gida a birnin Njamena ya san irin wahalar da ke ciki. Birni ne mai gundumomi 10, amma yawancin lungunan unguwanninmu ba su da suna a rubuce, kuma ko inda gidaje ke da lamba ba kowa ne ke aiki da ita ba. Kwatancenmu dai shi ne na gado: ka wuce shataletale, ka bar masallaci a hannun dama, ka nemi mai shayi ka tambaye shi. In baƙon daga Kano ko Maiduguri ya zo, ba ya jin Larabcin Cadi balle Faransanci, to mai shayin ma ba zai yi masa amfani ba.

Wannan ne ya sa mutanenmu da yawa, musamman 'yan kasuwa da masu aika yara, suka rungumi wata dabara da ke cikin WhatsApp, wadda ke nuna wa wani inda kake a kan taswira, tana binka duk inda ka nufa har zuwa wani lokaci da kai ka ƙayyade. Kamfanin ya fito da ita a watan Oktoba na 2017. Mu a nan Cadi ba mu daɗe da ganinta ba aka toshe kafofin sada zumunta a watan Maris na 2018, ba a buɗe ba sai Yuli na 2019, wato wata 16 ke nan, sannan aka sake taƙaita WhatsApp na wasu watanni a 2020. Yau kuwa ta zama ruwan dare. Abin da muka lura shi ne, mutane sun iya kunna ta, amma kaɗan ne suka san yadda ake karanta ta, kuma waɗanda suka san yadda ake kashe ta kafin lokacinta ya cika sun fi ƙaranci. A kan waɗannan biyu za mu tsaya a wannan wata.

Iri biyu ne, kada a haɗa su

In ka buɗe hirarka da wani a wayar Android, ka taɓa alamar maƙala abu da ke kusa da wurin rubutu, ka zaɓi Location, za ka ga zaɓi biyu a ƙarƙashin taswira. A wayar iPhone kuwa alamar + ake taɓawa. Masu wayar da aka saita da Faransanci za su ga Localisation a maimakon Location.

Na farko shi ne Send your current location. Wannan tamkar hoto ne: yana aika wurin da kake tsaye a daidai wannan lokaci, shi ke nan. Ko ka tashi ka tafi Farsha, alamar tana nan inda ka ajiye ta. Shi ya dace da kwatancen gida ko shago ko wurin ɗaurin aure, domin gida ba ya tafiya.

Na biyu shi ne Share live location, wanda shi ne batunmu. Wannan ba wuri yake nunawa ba, mutum yake nunawa, ko kuma mu ce wayar da ke aljihun mutum. Da ka taɓa shi za a ba ka zaɓin lokaci uku: minti 15, ko awa 1, ko awa 8. Kana iya ƙara ɗan rubutu kafin ka aika. Daga nan wanda ka aika wa zai ga hotonka a kan taswira yana matsawa yadda kake matsawa, har lokacin ya cika ko kai ka tsayar.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya so nuna wa baƙo ƙofar gidansa, sai ya aika na biyun, kuma ya zaɓi awa 8. Baƙon ya zo ya tafi tun da hantsi, amma har la'asar yana iya buɗe wayarsa ya ga maigida ya je kasuwa, ya biya asibiti, ya tsaya gidan surukansa. Maigida bai yi niyyar faɗa masa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Daga ina wayar ke sanin inda take

Domin a gane abin da ke lalacewa, sai a san cewa aiki biyu ne ke tafiya tare, kuma kowanne da abin da yake bukata.

Aikin farko shi ne wayar ta gano inda take. Tana yin haka ne ta sauraron taurarin ɗan'adam na GPS da ke kewaya duniya a nisan kilomita wajen 20,200 a sama. Sai ta ji aƙalla guda 4 kafin ta lissafa matsayinta. Wannan sauraro ba ya cin data, ba ya bukatar layi. A fili, inda sama ke buɗe, kuskurensa ba ya wuce 'yan mitoci kaɗan. Amma a ƙarƙashin rufin kwano, kamar cikin rumfunan Babbar Kasuwa ko kasuwar Dembe, saƙon taurarin yana raunana, sai wayar ta koma kintace da turakun kamfanin waya da ke kusa, kuma a nan kuskuren na iya kai ɗaruruwan mitoci. Shi ya sa wani lokaci za ka ga mutum yana zaune a shagonsa amma taswira ta jefa shi bayan layi biyu ko uku.

Aiki na biyu shi ne wayar ta aika wannan labari ga ɗan'uwanka. Wannan kam sai da data, ko ta Airtel ce ko ta Moov Africa. In data ta ƙare, ko sabis ya ɗauke, ko batir ya mutu, wayarka na iya sanin inda take sarai amma ba ta da bakin faɗa. To abin da ke ruɗa mutane shi ne, a wayar mai kallo hoton ba ya ɓacewa. Yana tsayawa cik a wuri na ƙarshe da aka samu labari, kamar mutumin yana nan tsaye.

Misali daga gadar Ngeli zuwa Babbar Kasuwa

Mu ɗauki misalin da kowane ɗan kasuwa a garin nan zai gane. Wani mai shago a Babbar Kasuwa ya aiki ƙanensa Kuseri, a ƙetaren kogin Logon cikin ƙasar Kamaru, ya karɓo masa kaya. Yaron na ɗauke da kuɗi a tafiya, zai dawo da kaya a kan kalando. Hanyarsa sananniya ce: daga kasuwa ya bi ta Shagwa, ya haye gadar kogin Shari, ya ratsa Waliya, ya kai gadar Ngeli, ya shiga Kuseri, sannan ya juyo ta inda ya bi.

Tambayar farko ita ce wane lokaci zai zaɓa. Minti 15 bai isa ba, domin in ya kunna da ƙarfe 9:00 zai ƙare 9:15, wataƙila yana cikin cunkoson gadar Shagwa. Awa 1 za ta kai shi iyaka in hanya ta yi kyau, amma ba za ta dawo da shi ba. Awa 8 kuwa, daga 9:00 sai 5:00 na yamma, ta wuce abin da aikin ke bukata nesa. Babu zaɓi tsakanin awa 1 da awa 8, saboda haka hanya biyu ce ta rage: ko dai ya kunna awa 1 a tafiya, ya sake kunna wata awa 1 a dawowa, ko kuma ya kunna awa 8 da niyyar kashewa da hannunsa da zarar ya sauke kaya. A ce ya zaɓi awa 8.

Da ƙarfe 9:40 yayan ya duba, ya ga hoton yaron a bakin gadar Ngeli. Da 10:10 ya sake dubawa, yana nan. Da 10:45 har yanzu yana nan bai motsa ba. Nan fa zuciya ta fara saƙe-saƙe: ko an riƙe shi a wurin bincike, ko babur ya faɗi da shi, ko an karɓe kuɗin. Ya kira layinsa bai shiga ba. Saura kaɗan ya rufe shago ya hau babur.

Abin da ya kamata ya fara dubawa ba hoton ba ne, ɗan rubutun da ke tare da shi ne. In ya buɗe taswirar gaba ɗaya, kusa da sunan yaron akwai bayanin lokacin da aka sabunta wurin na ƙarshe. In rubutun ya nuna an sabunta yanzun nan, ko minti ɗaya ko biyu da suka wuce, kuma hoton yana wuri ɗaya tun 9:40, to wayar tana magana, kuma da gaske ba ta motsa ba. Wannan shi ne abin da ya cancanci a bincika. In kuwa rubutun ya nuna sabuntawar ƙarshe tun 9:42 ce, fiye da awa guda da ta wuce, to taswirar ba ta cewa yaron yana gada. Abin da take cewa kawai shi ne: a nan na ji ɗuriyarsa ta ƙarshe.

A wannan hanya dalilin a bayyane yake. Da yaron ya haye Logon ya nutsa cikin Kuseri, ya fara fita daga inuwar turakun Cadi. Kunshin datar da ya saya a Njamena na gida ne, ba ya aiki a kan turakun MTN ko Orange na Kamaru sai an yi masa wani tanadi na dabam. A bakin kogi sabis ɗin Cadi kan kama jefi-jefi, ya zo ya ɗauke, shi ya sa hoton kan yi tsalle sau ɗaya ko biyu sannan ya daskare. Da 11:30, lokacin da yaron ya hayo gada da kayansa, data ta dawo, sai hoton ya yi wuf ya bayyana a Waliya ba tare da ya taɓa komai ba, domin agogon awa 8 ɗin bai daina tafiya ba duk tsawon lokacin da ya yi shiru.

Darasin da ke ciki mai sauƙi ne. Kafin a aiki mutum ƙetare, a yi magana tun a shago: daga gada zuwa dawowa gada hoton zai tsaya, kada hankali ya tashi, amma in ƙarfe kaza ya yi bai motsa ba a kira mai kayan a Kuseri a ji ko yaron ya iso. Taswira ba ta maye gurbin lambar wani mutum na biyu da za a iya kira.

Ko cikin gari ma hoton kan daskare

Ba sai an haye iyaka ba. Wayoyin da suka fi yawa a hannun jama'armu, irin su Tecno da Itel da Infinix, suna da tsarin tattalin batir da kan dakatar da manhajar da ba a buɗe take a fuska ba. Mutum ya kunna nuna wuri, ya kashe fuskar waya ya jefa aljihu, bayan ɗan lokaci wayar ta kwantar da WhatsApp don ta adana caji, sai hoton ya tsaya. Maganinsa shi ne a shiga saitin batir a cire WhatsApp daga cikin waɗanda ake taƙaitawa, kuma kada a kunna tsarin tsimin batir yayin da ake tafiyar. A wayar iPhone, izinin wuri na WhatsApp ya kasance a kan Always in ana son ya ci gaba da aiki a aljihu.

Akwai kuma wani maɓalli da ya shigo da iOS 14 a 2020 da Android 12 a 2021, wanda ke ba mutum damar nuna wa manhaja yankin da yake kawai ba ainihin wurin ba. In an kashe Precise location, mai neman ka zai san kana wajen Digel, amma ba zai san layin ba.

Sai maganar caji. Sauraron taurari da aika labari a kai a kai suna shan batir fiye da zaman waya haka kawai, kuma a zafin Afrilu da kan haura digiri 40, wayar da ke cikin aljihu ko maƙale a kan babur cikin rana takan yi zafi har ta rage aikinta. A garin da wuta ke yawan ɗaukewa, wanda ya fita da batir kashi 20 cikin 100 ya kunna awa 8, ya sani zai iya rasa nuna wurin da kiran wayar gaba ɗaya a daidai lokacin da ya fi bukatarsu.

Yadda ake tsayarwa kafin lokaci ya cika

Mu koma ga yaronmu. Ya iso shago da 12:10, an ƙirga kaya, aiki ya ƙare. Amma saura awa 4 da minti 50 a agogon da ya kunna. In bai kashe ba, duk inda ya je har 5:00 na yamma yana kan taswirar yayansa. Tsakanin wa da ƙane wannan wataƙila abin dariya ne. In da mai kayan Kuseri ya aika wa, ko wani direba da suka haɗu ranar, to ba abin dariya ba ne.

Hanyar farko: ka buɗe hirar da ka aika a ciki, ka nemo saƙon taswirar, a ƙasansa akwai Stop sharing da jan rubutu. Ka taɓa, za a tambaye ka ko ka tabbata, sai ka taɓa Stop. A wayar Faransanci Arrêter le partage za ka nema. Alamar cewa ya tsaya ita ce rubutun ƙasan taswirar ya canza zuwa Live location ended.

Hanya ta biyu ita ce ta wanda ya aika wa mutum fiye da ɗaya, ko ya manta wa da wa ya aika wa. Tsayarwa a hira ɗaya ba ta tsayar da sauran. Sai ka shiga Settings, ka zaɓi Privacy, ka gangara zuwa Live location. A nan za ka ga jerin duk hirarrakin da ke ganin ka a halin yanzu, kuma daga nan kana iya tsayar da su baki ɗaya. In jerin babu kowa, to babu mai ganin ka ta wannan hanya. Mu a ganinmu wannan shafi ya cancanci a riƙa leƙa shi lokaci-lokaci, musamman ga wanda wayarsa kan shiga hannun wasu, a wurin caji ko a gida, domin minti ɗaya ya ishi mai mugun nufi ya aika wa kansa awa 8 daga wayar da aka bari a buɗe.

Abin da ba tsayarwa ba ne kuwa shi ne kashe data. Da yawa suna tsammanin in sun kashe data ko sun kashe wayar to magana ta ƙare. Misalin gadar Ngeli ya riga ya nuna mana akasin haka: shiru ne kawai na ɗan lokaci, da data ta dawo cikin wa'adin hoton zai farka ya nuna sabon wurinka. Rufe manhajar ko fita daga hirar ma ba ya kashe shi.

Abin da ke saura bayan an tsayar

Akwai wani abu da ya kamata mata da 'yan mata musamman su riƙe. Bayan an tsayar, ko lokaci ya cika da kansa, wanda aka aika wa ba zai ƙara ganin motsinka ba, amma saƙon yana nan cikin hirar, kuma in ya taɓa shi zai ga wuri na ƙarshe da wayarka ta sanar. Ma'ana, in kin aika wa mai kawo saƙo ko mai sayen kaya da kuka haɗu a kasuwa, kika bari sai da kika shiga zauren gidanku sannan kika kashe, to kin bar masa kwatancen gidan a rubuce. A kashe tun a wurin da aka rabu, ko a bakin babban titi, kafin a shiga lungu.

WhatsApp ya ce wannan labari a kulle yake daga waya zuwa waya kamar sauran saƙonni, ba mai gani sai waɗanda aka aika wa. Amma kullen ba ya hana wanda aka aika wa ɗaukar hoton fuskar wayarsa ya tura wa wani, ko ya miƙa wayar ga na kusa da shi. A zaure kuwa, wato guruf, kowane mamba yana gani, kuma zaure ɗaya na iya ɗaukar mutum har 1,024. Wanda ya aika awa 8 a zauren 'yan unguwa ko na 'yan kasuwa don abokinsa ɗaya ya same shi, ya sanar da kowa cewa ba ya gida, ya kuma nuna musu lokacin da ya nufi banki. A aika wa mutum ɗayan a hirarsa ta kansa.

Inda zaure ke da amfani shi ne in tafiyar ta mutane kaɗan ce da suka san juna, domin duk waɗanda suka kunna a zaure ɗaya suna bayyana a kan taswira guda. Ayarin rakiyar amarya daga Farsha zuwa Waliya, ko 'yan'uwa da ke kwashe kaya a lokacin ambaliya irin wadda ta ci unguwannin gunduma ta 9 a 2022, za su iya buɗe ɗan zaure na mutum biyar ko shida don wannan rana kawai, kowa ya kunna awa 1, a sabunta in da bukata.

Wanda ba WhatsApp yake amfani da shi ba, ya lura cewa kowace manhaja da nata wa'adin. Telegram da Google Maps suna da zaɓin da ba ya ƙarewa sai mutum ya kashe da kansa, kuma irin wannan ne ake mantawa da shi har tsawon watanni.

A taƙaice, ga abin da muke ba masu karatu shawara. In gida ko shago za a nuna, a aika wurin da ba ya motsi. In tafiya ce, a zaɓi mafi gajeren lokacin da zai ishe ta, domin sake kunna awa 1 ya fi sauƙi a kan tuna kashe awa 8. Mai kallo ya duba lokacin sabuntawa kafin ya yarda da hoton. Mai tafiya kuma, da ya sauka lafiya, ya taɓa Stop sharing kafin ya nemi ruwan sha. Allah ya kai kowa gida lafiya.